Babi na Bakwai: Layukan Tsayi da Ma'aunin Taswira

A cikin dukan tambayoyin da Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma takan aza wa ɗaliban labarin ƙasa, babu wadda ta fi ta taswira tayar musu da hankali, alhali kuwa ita kaɗai ce tambayar da amsarta take shimfiɗe a gaban mai amsawa, ba ta neman haddar sunayen koguna ko yawan mutanen wata ƙasa, iyakacinta dai rula da zare da fensir, da kuma mutumin da ya san abin da yake dubawa. Mas'alar da ta fi kayar da yara a cikinta ita ce ta auna tsananin gangara tsakanin wurare biyu, domin ta haɗa abubuwa biyu da aka rubuta su da ma'auni daban-daban a kan takarda guda: nisan da ke kwance, wanda ake samu daga ma'aunin taswira, da tsayin da ke miƙe, wanda ake samu daga layukan nan masu launin ƙasa-ƙasa da suke zagaye duwatsu. Wanda ya iya fitar da kowannensu shi kaɗai, sa'an nan ya mayar da su awo ɗaya kafin ya raba, to, ya gama da wannan mas'ala.

Bari mu fara da ma'aunin, tun da yake shi ne ya fi sauƙi. A gindin yawancin taswirorin da 'yan safiyo suka zana na ƙasar Nijeriya, waɗanda ake yanko wani yanki nasu a ba ɗalibai, za a ga an rubuta 1:50,000, wani lokaci kuma 1:100,000. Ma'anar na farkon ita ce, duk abin da ka auna a kan takarda, to, a bisa ƙasa ya ninka haka sau dubu hamsin, ko da wane irin awo ka auna shi, inci ne ko santimita ko faɗin ɗan yatsa, gama lambar nisba ce kawai, ba ta da wani awo nata na kanta. Santimita ɗaya a takarda ita ce santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500, rabin kilomita ke nan. Saboda haka santimita biyu ne kilomita guda. A taswirar 1:100,000 kuwa santimita ɗaya ita ce kilomita guda cif. Ya kamata ɗalibi ya riƙe waɗannan biyun a ka tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, domin da su ne zai riƙa gwada amsarsa ya ga ko hankali zai karɓe ta, in ya so sauran lissafin ya biyo baya.

Ƙarƙashin wannan lamba akwai wani miƙaƙƙen layi da aka rarraba shi gida-gida, aka rubuta kilomita ko mil a kansa, gidan farko na hagu kuma aka ƙara yanyanka shi ƙanana. Mutane da yawa sukan ɗauka ado ne, ko maimaita abin da lambar ta riga ta faɗa, amma yana da wata falala da lambar ba ta da ita. Idan aka ɗauki hoton taswira da injin kwafi aka rage ta domin ta shiga takarda, kamar yadda ake yawan yi a makarantunmu saboda ƙarancin taswirori, to, duwatsu da hanyoyi sun ƙanƙance, shi ma layin ma'aunin ya ƙanƙance tare da su daidai wa daida, ita kuwa lambar 1:50,000 tana nan yadda aka buga ta, ta zama shaidar zur ba da saninta ba. Don haka abin da ya kamata a fara yi shi ne a ɗora rula a kan layin, a duba: in kilomita guda ta ci santimita biyu, lambar da layin sun yi ittifaƙi, kowanne ka bi ya isar, in kuwa sun saɓa, layin ne abin dogaro.

Auna nisa iri biyu ne, kuma lafazin tambayar ne yake nuna wanda ake nufi. In an ce nisan da ke tsakanin gari da gari kai tsaye, rula ta wadatar, daga tsakiyar alamar wannan zuwa tsakiyar alamar wancan. In kuwa an ce nisan ta hanyar mota, ko ta bin kogi, sai a ɗauko zare mara talewa, a ɗora bakinsa a mafari, a bi da shi kwana-kwana ana danne shi da farce, har a kai ƙarshe, a yi masa alama, sa'an nan a miƙar da shi a kan rula. Wasu sun fi son gefen farar takarda, suna juya ta a kowace kwana suna ɗiga fensir, kuma ni ma ita na fi amincewa da ita a hanyar da ba ta cika murɗewa ba, domin zare yakan zame, in an ja shi kuma ya ƙara tsawo. Kowanne aka ɗauka, a auna sau biyu. Milimita guda a wannan taswira mita hamsin ce a ƙasa, saboda haka ɗan karkacewar hannu da ido bai kama ba ya isa ya ƙara wa hanya tsawon filin ƙwallo.

Layukan tsayi su ne suke bukatar a zauna a kansu. Layin tsayi layi ne da ya haɗa dukan wuraren da ɗaukakarsu daga fuskar teku ta zama ɗaya, ta yadda mutumin da ya bi shi da ƙafa, ko da zai wuni yana tafiya, ba zai hau ba, ba zai gangara ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwa ta Tiga ya ga irinsa da idonsa, domin ruwa kwantacce ba ya karkata, gaɓarsa kuwa, duk da shige-da-ficen da take yi cikin lunguna da tsakanin tuddai, tsayinta ɗaya ne ko'ina. Idan damina ta yi albarka ruwan ya ƙaru, sai ya zana wata sabuwar gaɓa sama da ta farko, inda ƙasa take shimfiɗe ya mamaye fili mai yawa, inda take tsaye kuwa da ƙyar ya matsa taku biyu. Wannan shi ne asalin ƙa'idar da ake karantarwa, cewa layukan da suka matsu da juna suna nuna gangara mai tsanani, waɗanda suka yi nesa da juna kuma suna nuna ƙasa mai sauƙin hawa. Daga nan kuma ake gane dalilin da ya sa layuka biyu ba sa gicciye juna, gama wuri guda ba zai kasance da tsayi biyu ba; iyakarsu su haɗu su zama kamar layi ɗaya a inda dutse ya miƙe tsaye kamar bango.

Tazarar tsayin da ke tsakanin layi da mai bi masa ɗaya ce a dukan taswirar, kuma ana rubuta ta a gefe ko a gindi. A nan ne tarkon yake. Da yawa daga cikin taswirorin Nijeriya na 1:50,000 an zana su ne tun kafin ƙasar ta koma awon mita a shekarun 1970, saboda haka layukansu da ƙafa aka ƙidaya su, galibi ƙafa 50 tsakanin layi da layi, alhali ɗalibin yau yana auna nisa da santimita yana mayarwa kilomita. Taswirorin Jamhuriyar Nijar, da yake Faransawa ne suka fara zana su, ba su da wannan illa, da mita suke tun asali. Wajibi ne mai amsa tambaya ya nemo wannan rubutu ya karanta shi da idonsa, kada ya yi zato. In kuwa an yanke gefen da yake ɗauke da shi, sai ya nemi layuka biyu masu lamba, ya ɗebe ƙaramar daga babbar, ya raba da yawan tazarar da ke tsakaninsu. A lura, tazara ake ƙirgawa, ba layuka ba: daga layin 2,000 zuwa na 2,250 akwai layuka shida in an haɗa da na farko da na ƙarshe, amma tazara biyar ce, hamsin-hamsin. Don a sauƙaƙa wa ido, akan kaurara kowane layi na biyar, kuma galibi shi ne ake rubuta wa lamba.

Lambar da ke kan layi ba ta faɗin tsawon dutse daga gindinsa, tana faɗin ɗaukakar wurin ne daga fuskar teku. Birnin Kano da kansa yana kusan mita 500 sama da teku, saboda haka lambar da za a gani a kan Dala ko Gwauron Dutse mafi yawanta ta ƙasar da suke zaune a kai ce, abin da mai hawa yake hawa da ƙafarsa ɗan kaɗan ne daga ciki. Haka kuma garin Jos ya haura mita 1,200, amma mai tafiya a cikin kasuwarsa ba hawa yake yi ba. Abin da gangara take nema shi ne bambancin da ke tsakanin wurare biyu, ba girman lambar kowannensu ba.

Saura sanin inda sama take da inda ƙasa take, domin layuka sukan yi lanƙwasa mai tsini iri ɗaya a wurare biyu masu kishiyantar juna. Inda rafi ya ratsa, layukan sukan yi tsini, tsinin kuma yana nuna inda ruwan ya fito, wato wajen tudu. Inda kuwa wani hancin dutse ya zubo cikin fili, nan ma sukan yi tsini, amma yana nuna wajen gangare. Wanda ya rikita waɗannan biyun zai mayar da kwari tudu, ya sa kogi ya hau dutse. Maganin abin shi ne a nemi shuɗin layin ruwa, in akwai shi a cikin tsinin to kwari ne. In babu, a karanta lambobin da ke dama da hagu, a ga ko tsakiyar ta fi gefunanta tsayi ko ta gaza su.

To, yanzu ga mas'ala, mu bi ta daki-daki. A ƙaddara an ba mu taswirar wani yanki mai duwatsu, ma'auninta 1:50,000, tazarar layukanta ƙafa 50. Akwai wani ƙauye a bakin rafi, layi mai kauri na 2,000 ya ratsa ta tsakiyarsa; a gabas da shi kuma akwai dutse, a ƙwanƙolinsa an zana ɗan alwatika da ɗigo a ciki, alamar turken 'yan safiyo, an rubuta 2,660 a gefensa. Aka ce mu fitar da nisan da ke tsakaninsu kai tsaye, mu fitar da nisan ta hanyar da ta zagaya ta hau dutsen, sa'an nan mu fitar da tsananin gangarar da ke tsakanin ƙauyen da turken.

Muka ɗora rula muka sami santimita 4.8. Idan aka ninka 4.8 sau 50,000 za a sami santimita 240,000. A raba da ɗari, mita 2,400 ke nan, wato kilomita 2.4. Mu gwada da abin da muka riƙe a ka: santimita biyu kilomita guda, kusan biyar kuwa kusan biyu da rabi, lissafi ya zauna. Muka bi hanyar da zare muka sami santimita 7.4, rabinta 3.7, saboda haka hanyar kilomita 3.7 ce. Tsayin kuwa, a ɗebe 2,000 daga 2,660, saura ƙafa 660. A nan ne ya kamata a ɗaga fensir a tsaya, domin nisanmu da mita yake, tsayinmu da ƙafa, kuma ba a raba jinsi da wani jinsi. Ƙafa guda mita 0.3048 ce, don haka ƙafa 660 ta zama mita 201 da 'yan kai. Ƙa'idar gangara ita ce a ɗora bambancin tsayi a sama, nisan kwance a ƙasa, wato 201 bisa 2,400, sa'an nan a raba sama da ƙasa duka da lambar saman domin ta koma ɗaya. Idan aka raba 2,400 da 201 za a sami 11.9, sai a cike a ce 12. Amsa ita ce 1 cikin 12, ana kuma rubuta ta 1:12, ma'ana duk mita goma sha biyu da mutum ya ci gaba, ya ɗaukaka mita guda. Ba a rubuta mata mita ko ƙafa a baya, domin ita ma nisba ce kamar ma'aunin taswira.

Dubi abin da yake faruwa ga wanda bai tsaya ba. Ya raba 2,400 da 660 kai tsaye, ya sami 3.6, ya rubuta 1 cikin 4 yana murna, alhali ya tsananta gangarar fiye da ninki uku. Wani kuma ya bar nisan a santimita 240,000 ya raba da 201, ya fito da 1 cikin 1,194, wadda ƙasa ce da ido ba zai ga karkatarta ba, irin ta fadamun Hadeja, ga shi kuwa taswirar da ke gabansa cike take da layuka. Na uku ya kifar da lissafin, ya sa nisa a sama, ya ce 12 cikin 1, wato bangon da ko akuya ba ta hawa. Dukansu da sun tsira in da sun san ƙimar lambobin a zahiri. Gangarar 1 cikin 100 da ƙyar mai tafiya yake jin ta. 1 cikin 50 ta riga ta zama aiki ga jirgin ƙasa mai jan kaya. 1 cikin 10 babbar mota takan koma ƙaramin giya tana nishi. 1 cikin 4 kuwa mutum da kansa sai ya sunkuya yana haki. Gwargwadon ƙanƙantar lambar bayan, gwargwadon tsananin hawan, kuma wannan ma yakan rikita yara, su ɗauka 1 cikin 40 ta fi 1 cikin 4 tsanani don arba'in ta fi huɗu yawa.

Mai hankali zai iya tambaya, shin nisan da rula ta ba mu shi ne wanda ƙafa za ta taka? A haƙiƙa ba shi ba ne, domin taswira tana kallon ƙasa ne daga sama, tana nuna inuwar gangara a kwance, ita kuwa fuskar gangarar ta fi inuwarta tsawo. Amma a misalinmu, in aka bi ƙa'idar alwatika mai kusurwa tsaye, fuskar gangarar mita 2,408 ce, bambancin mita takwas ke nan cikin dubu biyu da ɗari huɗu, abin da bai kai kaurin tsinin fensir a takarda ba. Sai hawa ya yi tsanani ƙwarai bambancin yake zama abin kula, kuma ko a sa'an nan, nisan kwancen ne ƙa'idar gangara take nema. In kuma tambayar ta ce a fitar da gangarar hanyar ce, ba ta kai tsaye ba, sai a sa 3,700 a maimakon 2,400, a sami kimanin 1 cikin 18. Tsayin da za a hau bai ragu da ko taƙi ba, an dai shimfiɗa shi ne a kan tafiya mai tsawo, kuma wannan ne dalilin da ya sa hanyoyin da suke hawa tsaunukan Jos, irin ta Hawan Kibo, suke murɗewa maimakon su tunkari dutsen gaba da gaba.

Akwai wani abu da amsar 1 cikin 12 ta ɓoye, wanda a ganina ya fi ita kanta amfani ga mai son sanin ƙasa. Mu koma ga taswirar mu bi layin da muka ja daga ƙauyen. A santimita 3.6 na farko layuka biyu kaɗai muka tsallaka, muka tsaya a kan siririn layi mara lamba, na uku sama da 2,000, na biyu ƙasa da mai kauri na 2,250, wato 2,150. Mita 1,800 ke nan aka hau ƙafa 150, kimanin mita 46, gangarar wajen 1 cikin 39, ƙasar noma ce da amalanke zai bi ba wahala. A ragowar santimita 1.2 kuwa layuka goma ne suka cunkushe, mita 600 aka hau ƙafa 510, kimanin mita 155, gangarar wajen 1 cikin 4. Ashe babu wani wuri a tsakanin ƙauyen da turken da gangararsa take 1 cikin 12. Lambar matsakaici ce kawai ta fili mai sauƙi da dutse mai wuya. Irin wannan siffa, wadda layuka suke warwatse a gindi suna matsewa a sama, ita ce gangara mai lotsawa ciki. Mutumin da ke gindi yana hango na sama babu shamaki. In kuwa layukan sun matsu ne a gindi suka warwatse a sama, gangarar ta yi tozo, kuma tozon yakan tsare ido, na ƙasa ba ya ganin na ƙwanƙoli ko da nisan kaɗan ne. Da wannan ake amsa tambayar da takan biyo baya, wadda ake cewa ko ana iya hango wuri kaza daga wuri kaza.

Wani lokaci wurin da aka tambaya ba ya kan layi, yana tsakanin biyu. A nan sai ƙiyasi: in yana tsaka-tsakin 2,100 da 2,150 a ce 2,125, in ya fi kusa da ɗaya a karkata wajensa, kuma a rubuta a fili cewa ƙiyasi aka yi, domin mai duba takarda yana ba da maki a kan matakan aiki, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Ƙiyasin yana tsaye ne a kan zaton cewa ƙasa tana hawa sannu a hankali tsakanin layukan biyu, wanda ba kullum yake tabbata ba. Duk abin da bai kai ƙafa hamsin ba yana iya ɓuya a tsakaninsu: kwazazzabo mai zurfin ƙafa talatin, wanda ya isa ya hana mota wucewa, ko ɗan tsauni mai ƙafa arba'in, suna iya kasancewa a wurin da taswira ta nuna fari fat, sai fa in mai zanen ya sa musu wata alama ta dabam. Saboda haka ne injiniyan da zai fitar da hanya ko magudanar ruwa ba ya wadatuwa da taswirar 1:50,000. Da ita yake zaɓen inda zai bi, sa'an nan ya aika 'yan safiyo su sake auna wurin da tazarar mita ɗaya ko biyu kafin a sa diga a ƙasa.